Neman Ƙarin Wa'adin Biya Wajen Dila: Lissafin Da Za Ka Yi Kafin Ka Rubuta Wasiƙa

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi a Rijiyar Zaki. Shekara uku ke nan ina sari wajen wani Alhaji a kasuwar Singa, duk ɗauka kayan kamar naira 1,200,000, yana ba ni sati biyu in biya. Yanzu sati biyun na cika kaya ba su ƙare ba, ga kwastomomina ma'aikata sai ƙarshen wata. Ina so in rubuta masa ya mayar min kwana 30. Kuma ya ce duk wanda ya biya cikin kwana 7 zai sauke masa kashi 2 cikin 100. Yaya zan rubuta, kuma ragin nan ya kai a yi masa gaggawa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka ɗauki biro ka ɗauki littafin cinikinka, domin wasiƙar da diloli ke amsawa ita ce wadda ta zo da lissafi, kuma lissafin nan kashi biyu ne: naka, da na Alhaji. Yawancin masu shago nasu kawai suke yi, su cika takarda da bayanin kasuwa ta yi sanyi da tsadar rayuwa. Alhaji ya san wannan, a cikin kasuwar yake kwana yake tashi. Abin da yake son sani ɗaya ne: idan ya amince, nawa ne kuɗinsa zai zama a hannunka, na kwana nawa, kuma me zai hana su maƙale.

Lissafinka

Zan ɗora misali a kan kuɗin da ka ambata, sauran alƙaluman kuwa ƙiyasi ne, sai ka musanya su da abin da ke littafinka. A ce kullum kana sayar da kayan Alhaji na naira 50,000 a farashin sari. Kayan 1,200,000 ke nan za su ɗauki kwana 24 kafin su ƙare. Ranar da sati biyu suka cika ka sayar da na 700,000. Idan ribarka kashi 8 ce, cinikin ya kama 756,000. To amma ba duka suka shigo aljihu ba. In kashi ɗaya cikin uku na cinikinka bashi ne ga ma'aikata da maƙwabta, tsabar da ta shigo 504,000 ce. Ƙara abin da aka biyo ka na tsohon bashi a cikin waɗannan kwanaki, a ce 200,000. Kana riƙe da kamar 700,000 ke nan, ana binka 1,200,000, kuma ba a cire kuɗin yaron shago da man janareta da cefanen gida ba.

Giɓin rabin miliyan ɗin nan shi ne damuwarka, kuma yana da kyau ka gan shi da lamba, saboda yana nuna maka abu biyu. Na ɗaya, ba dukan kuɗin kake buƙatar a jinkirta maka ba, wani sashe ne. Na biyu, kwana 30 ɗin da kake nema ba son rai ba ne: kaya na ƙarewa a kwana 24, bashin kwastomomi na biyo baya da 'yan kwanaki, kuɗin na kammala dawowa wajen kwana 29 zuwa 30.

Akwai inda wannan lissafi zai iya gaya maka abin da ba ka so. Idan ka duba ka ga kayan suna ƙarewa cikin kwana 15 amma duk da haka kuɗi ba sa cika, matsalar ba ta wa'adi ba ce. Ko dai littafin bashinka ya kumbura, ko ana cin uwar kuɗi a gida, ko ana ɗibar kuɗin Alhaji ana biyan wani dilan. Wanda ke cikin wannan hali idan aka ƙara masa kwana 16, ramin zurfi kawai zai ƙara, kuma ranar da abin zai fashe bashin ya ninka. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ƙirga kayan Alhaji da suka rage a kanta a farashin sari, haɗa da tsabar da ke hannu da bashin da kake da tabbacin za a biya, ka gwada da abin da yake binka. In jimlar ta haura, ka rubuta wasiƙarka da ƙarfin gwiwa. In ta gaza, gyaran shago ya riga wasiƙa.

Lissafin Alhaji

Nan ne na fi so ka tsaya, don nan ake faɗuwa.

Yanzu kana ɗaukar kaya duk kwana 24, kana biya a kwana 14. Ma'ana duk ranar da ka je sabon sari, babu ko sisin Alhaji a kanka. Mafi yawan abin da zai taɓa binka 1,200,000 ne. Ranar da wa'adi ya koma kwana 30, za ka dawo ɗaukar kaya na biyu a rana ta 24 alhali ba ka biya na farko ba. Tsawon kwana shida yana binka 2,400,000. Kai a ranka kwanaki ka nema, shi kuwa a littafinsa ka nemi ya ninka maka bashi. Duk dilan da ya san aikinsa wannan zai fara hangowa, kuma idan wasiƙarka ba ta taɓo shi ba, zai ɗauka ko ba ka gane ba ko ka gane ka yi shiru. Dukansu biyun ba su taimake ka ba.

Sai tsadar jiran kansa. Dilolin manyan kamfanoni da yawa sai sun zuba kuɗi kafin a yi musu lodi, wasu kuma da kuɗin banki suke juyawa. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba 'yan kasuwa. A ce kuɗi na tsaya wa Alhaji a kan kashi 30 a shekara. Riƙe masa 1,200,000 na ƙarin kwana 16 ya ci masa kusan naira 15,800. Idan ribarsa a kan kayan kashi 3 ce, wato 36,000, ka ga ka kusa raba ta biyu. Ko da ba ya taɓa kuɗin banki, asarar na nan ta wata fuska: kuɗin da ya kamata su sake sayo tirela suna zaune a kantarka, kuma in farashi ya tashi a kamfani kafin ka biya, abin da ka mayar masa ba zai sayo adadin katan ɗin da ya ba ka ba.

Saboda haka shawarata kada ka nemi kwana 30 a kan dukan kuɗin. Nemi biya kashi biyu: 500,000 a rana ta 14 kamar yadda aka saba, ragowar 700,000 a rana ta 30. Da wannan, tsadar jiran ta sauko daga 15,800 zuwa kusan 9,200, kuma mafi yawan abin da zai binka ya sauko daga 2,400,000 zuwa 1,900,000. Kai da kanka ka rubuta wannan adadi a matsayin iyakar bashi, ka ce duk ranar da aka kai shi kada a ba ka ko katan ɗaya sai ka rage. Mai shagon da ya sa wa kansa iyaka kafin a sa masa, ana karanta takardarsa da wani ido daban.

Na zaɓi 500,000 ne ba 700,000 ba da gangan. Kada ka yi alƙawarin dukan abin da lissafi ya nuna za ka samu. Sati ɗaya na ruwan sama ko jinkirin albashi ya isa ya karya alƙawarin da aka ɗaure tamau, kuma saɓa sabon wa'adi a watan farko ya fi rashin nemansa muni.

Ragin biya da wuri

A takardun kayan wasu kamfanoni za ka ga an buga `2/10 net 30`. Abin da ake nufi: ragin kashi 2 ga wanda ya biya cikin kwana 10, in ba haka ba cikakken kuɗi a kwana 30. Na Alhaji shi ne kashi 2 a kwana 7, cikakke a kwana 14.

Kashi 2 na da ƙanƙanta a kunne, amma auna shi da ribarka, ba da jimlar kuɗin ba. Kashi 2 na 1,200,000 naira 24,000 ne. Ribarka a kan kayan gaba ɗaya 96,000 ce. Ragin ke nan rubu'in ribarka ne, ba tare da ka sayar da ƙarin ƙullin sukari ɗaya ba. In kana sari sau 15 a shekara, ya tashi 360,000.

Masu lissafi suna mayar da shi ma'aunin shekara don a iya gwada shi da tsadar kuɗi a wani wuri:

```
(ragi ÷ (100 − ragi)) × (365 ÷ kwanakin da ka rage) × 100
```

Kwanakin da ka rage su ne tazarar da ke tsakanin ranar ragi da ranar cikar wa'adi. A tsarin yanzu tazarar kwana 7 ce, daga 7 zuwa 14, sai lissafin ya ba da kusan kashi 106 a shekara. Wato duk mai tsabar kuɗi a ajiye da ya bar wannan ragi don ya riƙe kuɗinsa ƙarin sati ɗaya ya tafka asara. Amma idan wa'adi ya koma 30, tazarar ta zama kwana 23, amsar ta faɗo zuwa kusan kashi 32. Naira 24,000 ɗin ba ta canza ba, abin da kake sadaukarwa don samunta ne ya ƙaru. Shi ya sa buƙatunka biyu suke jan juna: gwargwadon tsawon wa'adin da ka samu, gwargwadon raguwar darajar gaggawa.

To ya kai a yi masa gaggawa? Ya danganta da inda kuɗin za su fito. In suna kwance a asusu ba su da aiki, karɓi ragin ba tare da dogon tunani ba. In sai ka kwashe kuɗin da za ka sari kayan wani dilan da ke fita kullum, ka bar kanta babu burodi babu ruwan leda, ribar da za ka rasa na iya fin 24,000. In kuwa sai ka ci bashi mai ruwa, musamman na manhajojin waya masu ƙirga ruwa da sati, bar shi: ga haramci, ga shi lissafin ma ba ya fita. A halin da ka bayyana, a rana ta 7 abin da ke hannunka bai fi 350,000 ba, saboda haka ragi a kan dukan kayan ba naka ba ne yanzu.

Abin da za ka iya shi ne raba takardar kaya biyu. Kayan da ke fita cikin mako, irin su sukari da taliya da man girki, a rubuta su daban, na kamar 300,000, ka biya su cikin kwana 7 a farashin ragi, ka tsira da 6,000. Masu nauyin tafiya, irin su sabulun wanka da madarar gwangwani da man shafawa, su hau dogon wa'adi. In ka bi wannan hanya, sai ka rage kason rana ta 14 daidai da abin da ka riga ka biya. Diloli kan so wannan tsari saboda wani kuɗi na shigo musu da wuri fiye da da. Sai dai yana buƙatar littafi mai tsabta a ɓangarorin biyu. In yaran Alhaji ba su saba raba takarda ba, fara da biya kashi biyu kawai, wannan ya biyo baya.

Ta fuskar shari'a

Ba za a yi wannan magana a Kano a tsallake nan ba, kuma yana shafar yadda za ka tsara kalmomin wasiƙar. Sayar da kaya da farashi biyu, na kuɗi hannu da na ajali, jumhurun malamai sun halatta shi da sharaɗin a tsayar da ɗaya kafin a rabu. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a ɗauki kaya a tafi ba a san a kan wane farashi aka ƙulla ba. Rage bashin da ya riga ya tabbata don a biya kafin lokaci kuwa mas'ala ce ta saɓani. A mazhabar Malikiyya an hana, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta faɗe shi ƙarara a babin ciniki, tare da hana jinkirta bashi a kan ƙari. An ruwaito halaccinsa daga Ibn Abbas, Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suka zaɓi wannan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta shi matuƙar ba a sharɗanta shi tun wajen ƙulla ciniki ba, kuma babu na uku a tsakani.

Hukunci na malaminka ne, ka kai masa surar cinikin kamar yadda take. Amma ta ɓangaren aiki, akwai tsarin da ke kauce wa wurin saɓanin: ranar ɗaukar kaya ka faɗi wanda ka zaɓa, a rubuta a takarda, "farashi kaza, biya kwana 7" ko "farashi kaza, biya kwana 30", a tsaya a kansa. Raba takardar da na ambata a sama daidai wannan yake yi. Abin da babu saɓani a kan haramcinsa shi ne ƙari a kan bashin da ya riga ya hau kanka. In Alhaji ya ce zai ƙara maka kwana 16 a kan kayan da ka riga ka ɗauka amma ka ɗora 20,000, wannan riba ce ta haram, wato kuɗin ruwa. In ya ce daga sari na gaba farashin kwana 30 zai ɗara na kwana 14 da naira kaza a katan, wannan sabon ciniki ne, ka auna ka karɓa ko ka bari. Haka nan kada ka rubuta tarar jinkiri a wasiƙarka don nuna da gaske kake; akwai abin da ya fi ta, za ka gan shi a ƙasa.

Ita kanta wasiƙar

Magana ta riga takarda. Je ka same shi da kanka, ba da safe lokacin da motoci ke lodi 'yan dako na kai da kawo ba, ka gabatar da buƙatar a taƙaice, sannan ka miƙa takardar ka ce ga shi a rubuce don akawu. Dattijon da kuka shekara uku kuna hulɗa idan takarda ta riske shi ba sallama, zai iya ɗaukarta a matsayin an fara shirin rigima. In ya nuna mamakin rubutun, ayar bashi ta 282 a Suratul Baƙara ta ishe ka hujja. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ranar da ka biya kuɗin ƙarshe, asusunka ya koma babu. Wanda ya nemi ƙarin wa'adi ana binsa kuma kwanaki sun ƙure, uzuri yake bayarwa. Ka kuma kauce wa makonnin gab da azumi, lokacin da kowane dila ke tattara kuɗi don cika sito.

Shafi ɗaya ya isa. Ga yadda za ta kasance:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi.

Shekara uku ke nan ina sari a wajenku, kayan kimanin naira 1,200,000 duk bayan kwana 24, a kan wa'adin kwana 14. Na haɗo da jerin ɗauka da biya na watanni shida da suka wuce, da ranakunsu.

Ina neman a sauya min tsarin biya daga sari na gaba kamar haka: naira 500,000 a rana ta 14, ragowar a rana ta 30, ana ƙirgawa daga ranar da kaya suka sauka a shagona. Dalili shi ne kayan na ɗaukar kwana 24 kafin su ƙare, kuma wani sashe na kwastomomina ma'aikata ne masu biya a ƙarshen wata.

Na san wannan zai sa sari na biyu ya riski ragowar na farko. Saboda haka na amince jimlar abin da kuke bina kada ta wuce naira 1,900,000 a kowane lokaci. Farashi shi ne na ranar ɗaukar kaya kamar yadda aka rubuta a takarda. Zan riƙa biya ta taransifa daga asusuna zuwa asusun da kuka ba ni a rubuce. Idan ranar biya ta faɗo Lahadi ko ranar hutu, zan biya kwana ɗaya kafin ta.

Ina roƙon a gwada wannan tsari na sari uku. In na saɓa ko sau ɗaya ba tare da na sanar da ku kwana uku kafin lokaci ba, a mayar da ni kwana 14 ba tare da wata magana ba.

Game da farashin ragi na masu biya cikin kwana 7, ina so a bar min damar zaɓarsa a ranar ɗaukar kaya, a kan kayan da za a rubuta a takarda daban.

In kun amince, a sa hannu a kwafi ɗaya a dawo min da shi. Na gode da amanar da ke tsakaninmu. Wassalam."

Sai sunanka, sunan shago, lambar waya, kwanan wata da sa hannu.

Jerin biyan watanni shida da za ka haɗa ya fi duk wata jimla da ke cikin wasiƙar nauyi. Layi-layi: ranar ɗauka, adadi, ranar biya. In akwai sarin da ka yi latti, sa shi yadda yake, domin yana cikin littafinsu, kuma akawu zai duba. Idan lattin ya yi yawa, fiye da ɗaya cikin biyar misali, dakata ka yi sari uku a jere kana biya a kan rana, sannan ka rubuta.

Ka lura babu inda wasiƙar ta ce wani dila ya yi maka tayin kwana 30. In gaskiya ne, faɗe shi da baki cikin ladabi idan magana ta kai can. In ba gaskiya ba ne kada ka soma. 'Yan Singa sun san juna, kiran waya ɗaya ya isa. Kada kuma ka yi alƙawarin ƙara yawan sari don a ji daɗi. Ƙarin kaya a kan dogon wa'adi ƙarin kasada ne a wurinsa, a wurinka kuma kwana 24 ɗin nan za su koma 30, lissafin duka ya rushe.

Ƙananan wuraren da rigima ke fitowa

Ranar fara ƙirga ita ce ta farko. Akwai ranar da aka rubuta takarda, akwai ranar da kaya suka sauka. In an rubuta Alhamis, mota ba ta kawo ba sai Asabar, kwana biyu sun tafi, kuma a wa'adin ragi na kwana 7 wannan kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Wasu kamfanoni kuma daga ƙarshen wata suke ƙirgawa. Kowanne aka zaɓa, a rubuta shi, kuma ka riƙa sa kwanan wata a takardar da direba ya kawo kafin ka sa hannu.

Ta biyu, yaushe ake cewa an biya. Kai ka tura ƙarfe goma na daren rana ta 7, kuɗi suka maƙale a hanya, alat bai shiga ba sai washegari, akawu ya ce ragi ya wuce. Tura da rana, kwana ɗaya kafin cikar lokaci, ka rubuta lambar takardar kaya a wurin bayanin taransifa, ka aika hoton rasit ta WhatsApp nan take. Guji biya ta hannun masu cirar kuɗi na bakin titi, domin sunan wani ne zai fito a asusun Alhaji, kuma bayan wata uku ba mai iya tantance kuɗin wa ne. Kada ka tura asusun yaron shago ko direba komai sabo.

Ta uku, kayan da suka zo da matsala: katan ya jiƙe, jarka ta tsiyaye, madara saura wata ɗaya ta lalace. Rubuta a jikin takardar tun mota ba ta tashi ba, ka ɗauki hoto, a cire kuɗinsu a sake jimla. Kuskuren da ake yi shi ne riƙe dukan kuɗin saboda katan biyar da ake jayayya a kansu. Biya abin da babu gardama a kan ranarsa, ka bar na katan biyar ɗin.

In ya nemi wani abin riƙewa, mai tsaya maka da ya sani a kasuwa ya fi sauƙi. Zai iya neman cek mai kwanan wata na gaba. Kafin ka ba da shi ka sani cewa a dokar Najeriya ta 1977 kan cek ɗin da banki ya mayar, ba da cek don karɓar kaya alhali babu kuɗin da za su biya shi laifi ne mai ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara. Kada ka rubuta cek a kan kuɗin da kake fatan za su shigo, kuma kada ka taɓa sa hannu a wanda ba a cike adadinsa ba.

Mai yiwuwa ba zai ba ka duk abin da ka nema ba. Amsar da aka fi ji ita ce kwana 21, ko kuma "ka biya kafin ka sake ɗauka". Ta biyun nan kada ka raina ta: a lissafinka kwana 24 ke nan, ƙarin kwana 10 a kan abin da kake da shi, kuma shi ba ta ɗaga masa iyakar bashi ko da naira ɗaya ba, shi ya sa take saurin samuwa. In ya ƙi gaba ɗaya, sauran abin da ke hannunka shi ne rage girman sarin. Kayan 700,000 duk sati biyu suna ƙarewa daidai da wa'adin da kake da shi yanzu. Abin da zai ƙaru kuɗin mota ne da na dako daga Singa zuwa Rijiyar Zaki, kusan sau 26 a shekara maimakon 15. Lissafa wannan ƙarin, ka ajiye shi a gefe, don ka san iyakar abin da ya dace ka yarda a ɗora maka a katan idan Alhaji ya ce farashin kwana 30 daban ne.